Yadda ake karanta tazarar amincewa ta kashi 95 a rigireshan: abin da take faɗa da abin da ake ɗora mata

Duk wanda ya taɓa yin rigireshan a R ko SPSS ko Excel ya san lambobin nan guda biyu da ke fitowa a gefen kofishiyan. A SPSS sunansu `Lower Bound` da `Upper Bound`, a Excel `Lower 95%` da `Upper 95%`, a R kuma `2.5 %` da `97.5 %`. Su ne tazarar amincewa, wadda ɗalibai suka fi kira konfidens intabal. Jimlar da aka fi rubutawa a ƙarƙashin teburin nan a babi na huɗu na furojet ita ce wai akwai yiwuwar kashi 95 cewa ainihin kofishiyan ɗin yana tsakanin lambobin nan biyu. To lissafin da manhajar ta yi bai ce haka ba. Kashi 95 ɗin nan na hanyar da aka bi aka samo tazarar ne, ba na lambobi biyun da ke gabanka ba, kuma ko shi ɗin ma yana tsaye ne a kan wasu sharuɗɗa da manhajar ba ta duba maka. Bari mu bi shi daki-daki da data ta gaske wadda kowa zai iya buɗewa ya gwada da hannunsa.

Mataki na 1: ka fito da lambobin, ka san ma'auninsu

A cikin R akwai data da take zuwa da shi mai suna `mtcars`. Motoci 32 ne samfurin 1973 zuwa 1974, an ɗauko bayanansu daga mujallar motoci ta Amurka, Motor Trend, ta 1974. Abu biyu za mu fara da su: `mpg`, wato mil nawa mota ke ci da galan ɗaya na fetur, da `wt`, nauyin motar, inda 1 ke nufin laba 1000, kusan kilo 454 kenan. Tambayar ita ce nauyi da shan mai yaya suke tafiya tare.

```r
m <- lm(mpg ~ wt, data = mtcars)
summary(m)
confint(m)
```

A layin `wt` za ka ga `Estimate` ya ba da -5.3445, `Std. Error` kuma 0.5591. Shi kuma `confint` zai ba ka daga -6.486 zuwa -4.203. In SPSS kake amfani da shi ba ya fito da tazarar da kansa, sai ka shiga `Analyze`, `Regression`, `Linear`, ka danna `Statistics` ka sa alama a `Confidence intervals`.

Kafin ka ce komai game da tazarar, ka fara faɗin ma'anar -5.34 da baki, da ma'auninsa. Ma'anarsa ita ce in ka jera motoci biyu da ɗaya ta fi ɗaya nauyi da laba 1000, to a matsakaici mai nauyin tana cin ƙasa da ɗayar da mil 5.34 a kowane galan. Da yake mu lita da kilomita muka sani, in ka juya shi zai dawo kusan rabin kilomita a kowace lita ga kowane ƙarin kilo 100, tazarar kuma ta koma daga 0.39 zuwa 0.61. Ka lura tazarar ta bi ma'aunin ta canja, saboda haka faɗinta ko ƙuncinta ba shi da wata ma'ana sai an san da me aka auna.

Mataki na 2: ka haɗa tazarar da hannunka sau ɗaya

Ina ganin duk wanda ya yi wannan da kalkuleta sau ɗaya tak, rabin ruɗanin ya tafi. Ginin ba shi da wuya:

```
b ± t × SE
```

`b` shi ne kofishiyan da ka samu, -5.3445. `SE` shi ne standad ero, 0.5591. Shi kuma `t` ana ɗauko shi daga teburin t. Motoci 32 ne, mun kiyasta abu biyu, wato inda layin ya fara da kuma gangarensa, saura 30, shi ne abin da za ka gani an rubuta `degrees of freedom`. Ka rubuta `qt(0.975, 30)` zai ba ka 2.042. Ba 1.96 ba fa, wannan sai data tana da yawa sosai ake komawa gare shi. Ka ninka 2.042 da 0.5591 ka sami 1.142, ka cire shi daga -5.3445 ka sami -6.486, ka ƙara shi ka sami -4.203. Shikenan, abin da `confint` ya yi kenan, babu wani sirri a ciki.

Yanzu shi standad ero ɗin daga ina ya fito? Abu biyu aka raba. A sama akwai yadda motocin suka warwatse a gefen layin, shi ne `Residual standard error` a ƙasan teburin, 3.046. A ƙasa kuma akwai yadda nauyin motocin kansa ya bazu: ka cire matsakaicin nauyi daga nauyin kowace mota, ka ninka kowanne da kansa, ka tara, za ka sami kusan 29.68, tushensa 5.448. Ka raba 3.046 da 5.448, ga 0.5591 nan ya fito.

Daga nan kaɗai za ka ga abin da ke matse tazara da abin da ke buɗe ta. In warwatsewar ta ragu tazara ta matse. In nauyin motocin ya bambanta sosai, akwai ƙanana akwai manya, tazara ta matse, da a ce duk motocin kusan nauyinsu ɗaya da ba za ka iya gane gangaren ba. In motocin suka ƙaru tazara ta matse, amma a hankali, don kafin ka rage faɗinta da rabi sai ka nemo data ninki huɗu, motoci 128 kenan maimakon 32. Ka duba da kyau kuma, a cikin lissafin nan babu inda aka tambaya ko layi miƙaƙƙe ya dace, ko yaya aka zaɓo motocin, ko an manta wani abu. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mataki na 3: ka ga inda kashi 95 yake zaune

Wanda ya shimfiɗa tsarin nan shi ne Jerzy Neyman, masanin lissafi ɗan Poland, a 1937. A tsarinsa ainihin kofishiyan lamba ce guda ɗaya tsayayya, ba mu san ta ba amma ba ta motsi. Abin da ke motsi shi ne sampul. Ka ɗauko wasu motoci 32 daban, `b` zai canja, `SE` zai canja, tazarar gaba ɗaya ta matsa. Alkawarin da hanyar ta yi shi ne in aka yi ta maimaita ɗaukar sampul ana haɗa tazara da wannan ƙa'idar, kusan 95 cikin kowace tazara 100 za su rufe ainihin lambar, 5 su kuskure.

Kamar kaza ce mai kwanci a ɗaki mai duhu, tana wuri ɗaya ba ta tashi, kai kuma kana kifa kwando. Ka ƙware har cikin kifawa 100 kana rufe ta sau 95. Amma da zarar kwandon ya sauka magana ta ƙare, ko tana ciki ko ba ta ciki, 95 ɗin labarin hannunka ne, kuma a duhun nan ba ka da yadda za ka san ko wannan kifawar tana cikin 95 ɗin ko cikin 5 ɗin.

Kar ka tsaya a maganata, ka gwada. A gwajin nan mu ne za mu ƙirƙiro gaskiyar da kanmu, mu ce ainihin gangaren -5 ne, mu zuba masa hayaniya irin ta data, mu yi rigireshan sau 10000, mu ƙirga sau nawa tazarar ta kama -5.

```r
x <- mtcars$wt
kama <- replicate(10000, {
  y <- 37 - 5*x + rnorm(32, 0, 3)
  ci <- confint(lm(y ~ x))["x", ]
  ci[1] < -5 & ci[2] > -5
})
mean(kama)
```

Dan Allah ka bar fili tsakanin `<` da `-5`, in ka manne su R zai ɗauka umarnin ajiye lamba ne, amsar ta lalace ba tare da ya yi maka ƙorafi ba.

Amsar za ta fito dab da 0.95, yau ta ɗan haura gobe ta ɗan gaza. In ka buga wasu daga cikin tazarorin ka kalle su za ka ga wata ta faɗi can hagu, wata can dama, wata faffaɗa wata matsattsiya, kuma waɗanda suka kuskure ba su da wata alama a goshi, kamanninsu ɗaya da sauran, wasunsu ma sun fi kyan gani don sun fi matsewa. A nan ne kawai muka san wadda ta kama da wadda ta kuskure, saboda mu muka sa -5 ɗin. A bincikenka na gaske tazara ɗaya ce tak a hannunka kuma babu wanda zai gaya maka.

Wani zai ce ai wannan jan magana ce kawai, tunda hanyar tana dacewa sau 95 cikin 100 me zai hana in ce ina da tabbacin kashi 95. In abin da kake nufi shi ne ka dogara da hanyar da ke dacewa haka, ba laifi, daidai ne. Inda matsalar take shi ne ka maida shi yiwuwar da ke kan ita lambar. Akwai tsarin da ke ba da irin wannan jimlar, tsarin Bayes, amma shi sai ka fara faɗin abin da ka ɗauka game da kofishiyan ɗin tun kafin ka ga data. A rigireshan mai sauƙi irin wannan, in ka ɗauka ba ka san komai ba, duk lamba daidai take a wurinka, lambobin tsarin biyu suna haɗuwa. Sai dai da wuya a ce ba ka san komai ba. Wa zai yarda cewa ƙarin nauyi yana sa mota ta rage shan mai? Da wani sampul zai ba ka tazara daga 1 zuwa 4 a ɓangaren ƙari, ba za ka ce kana da tabbacin kashi 95 ba, cewa za ka yi wani abu ya faru da datar, kuma kana da gaskiya.

Mataki na 4: ka karanta bakin tazarar biyu, ba sifili kaɗai ba

Karatun da ya fi amfani a aikace shi ne wannan: lambobin da ke cikin tazarar su ne waɗanda datarka ba ta ƙaryata ba a ma'aunin kashi 5, in dai modal ɗin daidai ne. Ka gwada da -6. Nisansa da -5.3445 shi ne 0.6555, ka raba da 0.5591 ka sami 1.17, bai kai 2.042 ba, don haka yana ciki. Ka gwada -4, nisan 1.3445, ka raba ka sami 2.40, ya wuce 2.042, yana waje. Sifili kuwa nisansa ya kai standad ero 9.56, shi ya sa lambar da ke ƙarƙashin `Pr(>|t|)` ta zama ƙarama ƙwarai. Tazarar da wancan gwajin abu ɗaya ne, in sifili yana wajen tazarar kashi 95 to lambar can tana ƙasa da 0.05, in yana ciki tana sama. Ba hujja biyu ba ce da za ka jera a rahoto kamar kowace ta tabbatar da 'yar'uwarta.

Kuma bakin tazarar ba katanga ba ce. Tsakanin -4.21 da ke ciki da -4.19 da ke waje babu wani bambanci na kirki, data ta fi jituwa da lambobin tsakiya, jituwar tana raguwa a hankali har ta wuce bakin. Shi kansa 95 al'ada ce aka saba. Ka sa `level = 0.99` a cikin `confint` ka ga ta buɗe daga -6.88 zuwa -3.81, ka sa 0.90 ta koma daga -6.29 zuwa -4.40, data ɗaya ce ba abin da ya canja.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne lokacin da sifili ya faɗo ciki, sai a rubuta wai babu alaƙa ko babu tasiri. A cikin datar nan akwai `am`, wato nau'in giyar mota, 0 mota ce otomatik, 1 manuwal. Ka sa shi tare da nauyi:

```r
confint(lm(mpg ~ wt + am, data = mtcars))
```

Kofishiyan na `am` zai fito -0.02, tazarar daga -3.19 zuwa 3.14. Eh sifili yana ciki, amma 3 ma yana ciki, -3 ma haka. Matsakaicin motocin nan mil 20 ne a galan, to mil 3 kusan kashi 15 cikin 100 ne na man da mutum ke saya, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai mota. Abin da tazarar ke faɗa shi ne motoci 32 ɗin nan ba su isa su raba gardamar ba, zai iya zama manuwal ta fi, zai iya zama otomatik ta fi, zai iya zama babu bambanci. Da tazarar daga -0.2 zuwa 0.2 ce, a nan ne za ka iya cewa ko akwai bambanci to bai taka kara ya karya ba. Saboda haka ka ɗauki bakin ƙasa ka tambayi kanka in wannan ce gaskiyar me zan ce, ka ɗauki bakin sama ka sake tambaya. In amsoshin biyu sun kai ka ga shawara ɗaya, tazarar ta yi maka aiki. In sun saba, ka faɗi hakan a fili.

Mataki na 5: kar ka ɗauke ta a matsayin labarin mota ɗaya

Tazarar nan ta gangaren layi ce, ba ta ce kashi 95 na motoci suna rasa mil 4.2 zuwa 6.5 ba. In kana son sanin abin da mota guda mai laba 3000 za ta ci, tambaya ce daban:

```r
predict(m, data.frame(wt = 3), interval = "confidence")
predict(m, data.frame(wt = 3), interval = "prediction")
```

Dukansu za su ce 21.25. Na farko zai ba da 20.12 zuwa 22.38, wannan na matsakaicin duk motoci masu wannan nauyin ne. Na biyu zai ba da 14.93 zuwa 27.57, shi ne na mota ɗaya, ka ga faɗinsa ya ninka na farko fiye da sau biyar. Ko motoci miliyan ka tara na farkon ne zai yi ta matsewa, na biyun ba zai taɓa sauka ƙasa da warwatsewar da ke tsakanin mota da mota ba.

Haka kuma ba ta ce in wani ya maimaita binciken akwai kashi 95 kofishiyan ɗinsa zai faɗo cikin tazararka ba. Naka yana rawa nasa ma yana rawa, rawar biyu ce ta haɗu, in ka yi lissafin da sampul masu girma ɗaya abin yana sauka wajen kashi 83.

Mataki na 6: ka duba ƙasar da 95 ɗin ke tsaye a kai

Nan ne ya fi damuna, don nan ne tazara mai kyan gani ke yaudarar mutum. A gwajin da muka yi 0.95 ya fito ne saboda mun gina datar daidai da yadda lissafin ke so: layi miƙaƙƙe, hayaniya mai girma ɗaya ko'ina, kowace mota ba ruwanta da wata, ba a manta komai ba. Ka karya ɗaya daga ciki ka ga abin da zai faru.

Fara da mafi sauƙi. Ka manna datar a kan kanta, kowace mota ta fito sau biyu:

```r
confint(lm(mpg ~ wt, data = rbind(mtcars, mtcars)))
```

Gangaren yana nan -5.34, amma tazarar ta matse ta koma daga -6.12 zuwa -4.57. Ba mu ƙara sanin komai ba, ko mota ɗaya ba mu ƙara ba, manhajar dai ta ƙirga layi 64 ta ɗauka motoci 64 ne masu zaman kansu. Ba wanda zai yi haka da gangan, amma irinsa na faruwa kullum: ka raba takardar tambayoyi ga ɗalibai 300 amma daga aji 6 kacal, ko manoma 200 daga ƙauye 5, ko ka auna mutum ɗaya sau goma ka sa kowane awo a layinsa. 'Yan aji ɗaya malaminsu ɗaya, 'yan ƙauye ɗaya ruwan sama ɗaya suka samu, suna kama da juna, don haka bayanin da ke hannunka bai kai yawan layukan ba, tazarar kuma za ta fito a matse fiye da yadda ta cancanta. Yadda za ka gane shi ba daga teburin ba ne, daga yadda aka tattaro datar ne. Maganinsa standad ero mai la'akari da rukuni, a Stata `vce(cluster ...)`, a R `vcovCL` na cikin `sandwich`, sai dai in rukunan 5 ne ko 6 shi ma wannan ba abin dogaro ba ne sosai.

Na biyu, abin da aka bari a waje. Ka koma gwajin mataki na 3 ka canja layin `y` zuwa wannan, ka kuma maida -5 guda biyun da ke layin `ci[1]` zuwa -4:

```r
y <- 37 - 4*x - 0.03*mtcars$hp + rnorm(32, 0, 2.6)
```

Yanzu gaskiyar da muka ƙirƙira ita ce nauyi shi kaɗai yana cin -4, ƙarfin inji kuma, wato `hp`, yana cin nasa, amma rigireshan ɗin bai san da inji ba. Da yake manyan motoci su ne masu manyan inji, nauyi sai ya kwashe laifin inji ya haɗa da nasa, kiyasin ya riƙa zagaye wajen -5.4, tazarar da aka rubuta wa kashi 95 ta riƙa kama -4 kusan sau ɗaya cikin uku kawai. Abin takaicin ma, ƙarin data ba ya gyara wannan, ƙara matse tazarar yake yi a kan lambar da ba ita kake nema ba.

Kuma a ainihin datar haka abin yake. Ka yi `lm(mpg ~ wt + hp, data = mtcars)`, kofishiyan na nauyi zai sauko -3.88, tazarar daga -5.17 zuwa -2.58, ka ga -5.34 ɗinmu na farko ma ya fita waje. Ba wai ɗaya ƙarya ce ɗaya gaskiya ba, tambayoyin ne daban. Ta farko tana kwatanta motoci masu nauyi daban ko yaya injinsu yake, ta biyu tana kwatanta masu nauyi daban amma ƙarfin inji ɗaya. Labarin giyar mota ya fi wannan tsanani. Ka yi `mpg ~ am` shi kaɗai za ka sami 7.24, tazara daga 3.64 zuwa 10.85, nesa da sifili, mutum ya rantse manuwal ta fi otomatik tattalin mai. Amma manuwal 13 ɗin da ke ciki matsakaicin nauyinsu laba 2411 ne, otomatik 19 ɗin kuma 3769, kuma ka riga ka ga yadda 7.24 ya narke ya koma -0.02 da aka sa nauyi. Tazarar farkon ba ta yi kuskuren lissafi ba, bambancin da ke tsakanin rukunan biyu ta auna, ba ta taɓa cewa giyar ce sanadi ba. Don haka daga tazarar -6.49 zuwa -4.20 ba za ka iya cewa in ka sauke kaya laba 1000 daga motarka za ka ƙara mil 5 ba, ba a yi wannan gwajin ba, motoci daban-daban aka kwatanta.

Na uku, siffar layin. Ka rubuta `plot(m, which = 1)` ka kalla. Za ka ga ɗigogin sun yi lanƙwasa, a gefe biyu suna sama a tsakiya suna ƙasa. Toyota Corolla mai laba 1835 layin ya ce za ta ci 27.5, ta ci 33.9. Chrysler Imperial mai laba 5345 layin ya ce 8.7, ta ci 14.7. Wato gangaren ya fi tsanani a ƙananan motoci, ya lafa a manya, lamba ɗaya ba ta wakiltar ko'ina, -5.34 wani matsakaici ne na tsakanin laba 1513 da 5424 inda datar ta tsaya. Ka ja layin gaba zuwa laba 7000 zai ce maka motar ba ta tafiya ko mil ɗaya, wanda kowa ya san ba haka ba ne. A wannan hoton dai za ka duba ko ɗigogin suna buɗewa kamar mazurari, alamar hayaniyar ba girmanta ɗaya ba, shi ma yana ɓata standad ero.

Sai tambayar da ba a cika yi ba: maimaita sampul ɗin daga ina? Motocin nan ba ƙuri'a aka jefa aka zaɓo su ba, waɗanda mujalla ta gwada ne, har da su Ferrari da Maserati a ciki, kuma na shekarun 1970 ne. Tazarar ba ta da abin cewa a kan motocin da ke kan titi yau. Haka in ka raba takardun tambayoyinka ga waɗanda ka samu a bakin get ko waɗanda suka ga dama suka amsa a waya, manhaja za ta ba ka tazara tsaf, amma karkatar da ke cikin zaɓen mutanen ba ta shiga lissafin ba ko kaɗan.

Ƙari ɗaya a gurguje. In teburinka yana da tazara 20 masu zaman kansu, yiwuwar aƙalla ɗaya ta kuskure kusan kashi 64 ne, ko da komai daidai yake. In kuma ka yi ta sa wannan kana cire wancan har sai da sifili ya fita daga tazarar sannan ka tsaya, to 95 ɗin ya riga ya tashi, don alkawarin na modal ne da aka tsayar kafin a ga sakamako.

Mataki na 7: ka rubuta shi

Jimlar da za ta tsaya a gaban sufabaiza ranar difens tana ɗauke da kiyasin, da ma'auninsa, da abin da aka riƙe daidai, da su wa ake magana a kai. Ga yadda zan rubuta namu: a cikin motoci 32 na 1973 zuwa 1974, motar da ta fi wata nauyi da laba 1000 tana cin ƙasa da ita da mil 5.3 a galan a matsakaici, tazarar amincewa ta kashi 95 daga 4.2 zuwa 6.5, da aka kwatanta motoci masu ƙarfin inji ɗaya bambancin ya sauko mil 3.9, tazara daga 2.6 zuwa 5.2. Na giya kuma: bayan an yi la'akari da nauyi, datar ta jitu da komai daga manuwal ta gaza da mil 3.2 har zuwa ta fi da mil 3.1, don haka ba ta isa a yanke hukunci ba.

In aka tambaye ka a zauren me 95 ɗin ke nufi, ka ce hanyar da aka haɗa tazarar da ita tana kama ainihin kofishiyan sau 95 cikin 100 in ana maimaita sampul kuma sharuɗɗan modal sun cika. Tambayar da za ta biyo baya kusan kullum ita ce to sun cika ɗin, saboda haka ka shiga da hoton `plot(m, which = 1)` a buge, da bayanin yadda ka zaɓo sampul ɗinka da rukuni nawa ya fito daga ciki, da teburin modal ɗin biyu gefe da gefe.